Yadda za ka gane dogon wasali da baƙi mai ɗauri, ka daina rikita gari da gari

Duk wanda ya tashi da Hausa a bakinsa ba ya rikita garin Kano da garin tuwo in yana magana, ko yaro ɗan shekara huɗu ba zai ce a auno masa mudun Zariya ba. Matsalar tana fitowa ne ranar da aka miƙa maka takarda aka ce karanta wa mutane, ko za ka koya wa yara a aji, ko ka tura saƙo a waya aka fahimce ka a baibai. Dalili shi ne rubutun boko namu yana nuna ɗauri, wato ninka baƙi kamar a babba da sannu, amma ba ya nuna tsayin wasali ko kaɗan, alhali su biyun aiki iri ɗaya suke yi a kalma. To ga yadda za ka bi kunnenka ya kama abin da bakinka ya daɗe da sani. A nan duk inda wasali yake dogo zan rubuta shi sau biyu a cikin misali, kamar aa ko ii, don a gani ne kawai fa, ba wai haka ƙa'idar rubutu ta ce ba.

Mataki na farko: fara da kalmomin da tsayi kaɗai ya raba su

Wasulan Hausa guda 5 ne, a, e, i, o, u, kowanne yana da gajere da dogo, sun zama 10 ke nan, sai tagwan wasali ai da au. Kada ka fara da haddace wannan, fara da baki. Samu wuri shiru ka faɗi waɗannan jimlolin biyu a jere, da saurin da kake magana kullum, kada ka ja da gangan: "na shiga gari" da "na tankaɗe gari". Na farkon garii ne, gaɓar farko tana wucewa fit, na biyun gaarii ne, bakinka yana buɗe ya ɗan jima. Karin sautinsu ɗaya ne, murya ta faro ƙasa ta hau sama, saboda haka duk bambancin da ka ji tsayi ne ba wani abu ba.

Daga nan sai ka wuce kan fasa. "Ya fasa" na wanda ya yar da kwalba ta tarwatse fasaa ne, "ya fasa" na wanda ya ce zai yi tafiya kuma ya janye faasaa ne. Haka dafa, na tukunya dafaa, na ɗora hannu a kafaɗar mutum daafaa. Haka fari na rashin ruwan sama, farii, da fari na ɗan fari, faarii. Waɗannan huɗun sun ishe ka na kwana biyu, ba sai ka tara jerin kalmomi ɗari ba. Abin da ake so shi ne ka ɗauki muryarka a waya kana faɗinsu a gauraye, bayan ka manta tsarin da ka bi sai ka kunna ka gwada ko za ka iya cewa wannan na kwalba ne wannan na tafiya ne, in ka iya to kunne ya fara buɗewa.

Wanda ya yi karatun allo yana da sauƙi a nan, don ya san ja. Yadda malam yake cewa ja shi haraka biyu in an zo kan alifi ko wawu ko ya na ja, to kusan haka dogon wasalin Hausa yake a kan gajere. Shi ya sa ma ajami ya fi boko gaskiya a wannan fannin, mai rubuta ajami zai sa alifi bayan baƙin farko a gaarii, ba zai sa a garii ba, kuma shadda tana nan ta nuna masa ɗauri.

Mataki na biyu: raba tsayi da karin sauti, don nan ne yawanci ake faɗuwa

Mutane da dama in ka tambaye su bambancin wuya na jiki da wuya ta wahala sai su ce ai ɗayan an ja shi ne. Ba a ja komai ba. Duka biyun wuyaa ne, gajere sannan dogo, abin da ya raba su hawa da saukar murya ne, na jiki ya faro sama ya sauka, na wahala ya faro ƙasa ya hau. Haka kuka ta miya da kuka na hawaye, duka kuukaa ne, dogo da dogo, murya ce kawai ta bambanta.

Yadda za ka tantance kuwa, rufe bakinka ruf ka yi kalmar da hanci, mm-mm, ba tare da baƙaƙe ba. Abu biyu za ka saurara daban daban. Na ɗaya ina murya ta hau ina ta sauka. Na biyu wanne mm ɗin ya fi jimawa. In ka yi wuya da wuya za ka ji waƙarsu ta saɓa amma jimawar ɗaya ce. In ka yi fasa da fasa za ka ji waƙar ɗaya ce amma na farkon ɗayan ya fi jimawa. Sai kuma waɗanda suka haɗa duka biyun, irin su gadoo na kwanciya da gaadoo na mamaci, ko baƙii na launi da baaƙii da suka zo daga tafiya. A irin waɗannan kada ka tsaya a cewa sun bambanta, faɗi a ina, tsayi ne ko murya ko duka.

Akwai alamu biyu da za su rage maka aiki. A tsakiyar kalma e da o kusan ko da yaushe dogaye ne in dai baƙi bai rufe gaɓar ba, duba leemoo, mootaa, ƙoofaa, geeroo, saboda haka yawancin rigimar tsakiyar kalma a kan a, i, u take. Ta biyu, gajeren wasali ba shi da tsayayyen hali, shi ya sa za ka ji wani ya ce biki wani ya ce buki, wani jaka wani jika, wani mini wani mani, kuma ba wanda ya yi kuskure. Dogon wasali ba ya wannan yawon, ba za ka ji an mai da jiikaa na kaka wani abu daban ba. To in ka ga wasalin da garuruwa suke musanya shi, ka fi zaton gajere ne.

Mataki na uku: yanka kalma gaɓa gaɓa

Hausa gaɓa iri uku kawai take da su. Akwai baƙi da gajeren wasali, kamar ga a garii, wannan ita ce marar nauyi. Akwai baƙi da dogon wasali ko tagwai, kamar gaa ko kai. Akwai baƙi da gajeren wasali da wani baƙin da ya rufe, kamar kun ko bab. Biyun ƙarshen masu nauyi ne, kuma nauyinsu ɗaya, mawaƙan baka da na rubutacciyar waƙa duk da wannan awon suke aiki ko sun san sunansa ko ba su sani ba.

Abin da ya kamata ka riƙe a nan doka ɗaya ce: dogon wasali ba ya zama a gaɓar da baƙi ya rufe. Da zarar baƙi ya zo ya rufe, wasalin zai gajarce dole. Gwada da bakinka, gidaa amma gidan Audu, raanaa amma ranar Talata inda raa ta farko tana nan da tsayinta, naa ta ƙarshe ce ta koma nar. A e da o har launin sautin yana canjawa, karee in ya zama karen gida da yawa a baki karan gida suke cewa, sai dai a rubutu a bar shi karen.

Amfanin dokar shi ne duk wasalin da ka gani kafin ninkakken baƙi gajere ne, ba sai ka yi gwaji ba. Kuma za ka gan ta tana aiki a fili in ka maimaita aikatau. Kaamaa yana da dogon aa a farko, amma in ɓarayin suna da yawa sai a ce an kakkaamaa su, gaɓar da aka ƙaro ta zama kak, ba kaak ba. Haka taaraa ya zama tattaaraa, duubaa ya zama dudduubaa.

Wannan daidaiton nauyin ne ya sa wasu kalmomi suke da fuska biyu daga gari zuwa gari. Inda Bakano zai ce jaakii, huulaa, kaasuwaa, a Hausar yamma, wajen Sakkwato da maƙwabtanta, za ka ji jakkii, hullaa, kassuwaa. An cire tsayin wasali an mai da shi ɗauri, nauyin gaɓa bai canja ba, ma'ana ma ba ta canja ba. Haka shida da shidda, lamba ɗaya ce. Na kawo wannan ne don kada ka ɗauka duk inda ka ji ɗauri sabuwar kalma ce, wani lokaci karin harshe ne kawai, kuma in daidaitacciyar Hausa kake rubutawa sai ka bi jaki da hula da kasuwa.

Mataki na huɗu: ɗauri, wanda shi dole ne ka rubuta

Baƙi mai ɗauri ba ƙarfi ake ƙara masa ba, riƙe shi ake yi. Rabinsa yana rufe gaɓar farko, rabinsa yana buɗe ta biyu. Faɗi daba ta 'yan daba sannan ka faɗi dabba, ka lura da leɓɓanka, a na biyun sukan haɗu su ɗan tsaya a rufe kafin su saki. A n da l da m ma abin ya fi sauƙin ji tun da sautin yana ci gaba da fita, kunaa da kunnaa, manna takarda da mana na "ba mu mana", ina da inna.

Kalmar da nake so ka zauna da ita sosai ita ce suna, saboda ita kaɗai ta tara darasin gaba ɗaya. Akwai sunaa na "suna zuwa", gaɓar farko su marar nauyi. Akwai suunaa na ranar suna, gaɓar farko suu mai nauyi ta hanyar wasali. Akwai sunnaa ta Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, gaɓar farko sun mai nauyi ta hanyar ɗauri. Biyun farko rubutu bai raba su ba, na ukun ya raba. Faɗi "suna bin sunna wajen raɗa suna" sannu a hankali kana buga tebur da yatsa a kan kowace gaɓa, za ka ji yatsan yana saurin tashi a su, yana ɗan jira a sun da suu. In ka iya jin wannan a jimla ɗaya, sauran duk maimaici ne.

Inda aka fi zubar da ɗauri a rubutun waya wurare ne sanannu. Na ɗaya sifar da aka gina daga aikatau, dafaffe, wankakke, gyararre, rufaffe, za ka ga an rubuta dafafe da wankake. Ƙa'idar ginin ita ce baƙin ƙarshe na aikatau ake maimaitawa a ɗaure shi, kuma in baƙin t ne sai ya koma c a gaban e, rubuta ya ba da rubutacce, mutu ya ba da matacce. Wannan na ƙarshen yana da hatsari wallahi, domin masu haɗe kalmomi sukan rubuta "mata ce" a matsayin matace, masu zubar da ɗauri kuma sukan rubuta matacce a matsayin matace, sai ka ga saƙo ba ka san ko aure ake maka bayani ko gawa ba. Na biyu maimaitaccen aikatau, bubbuga, yayyanka, fiffita. Cire f ɗaya daga fiffita, wato mutane sun yi ta fita, sai ya koma fifita na ɗaukaka wani a kan wani ko na mafici. Na uku gaisuwa da kalmomin yau da kullum, sannu ana rubuta sanu, alhali sanu kalma ce daban, "ya sanu a gari". Babba kuwa in ka cire b ɗaya ka koma baba.

Sai yadda ake ninka baƙaƙen da ake rubutawa da harafi biyu, irin su sh, ts, ky, kw, gw. Ba a rubuta su cikakku sau biyu, harafin farko kaɗai ake ninkawa. Fasasshe da gasasshe ne, ba fasashshe ba. Tsattsaura, kyakkyawa, gwaggwada. Masu ƙugiya kuwa da ƙugiyarsu ake ninka su, ƙaƙƙarfa, daɗaɗɗe, ɓaɓɓake. A nan ne rashin ƙugiya a waya yake haɗuwa da rashin ɗauri su yi ɓarna tare, mutum ya rubuta hada, ba ka sani ba haɗa yake nufi ko hadda ta Alƙur'ani.

Akwai kuma kuskuren da ya juya, wato ƙara ɗauri inda babu. Rubutun Mallam da ake gani a allunan ofis da katin biki ya saɓa wa daidaitacciyar Hausa, wadda malam take rubutawa, maalam a baki. Su kuma Turawa da suka rubuta Sokoto sun yar da ɗaurin da ke cikin Sakkwato. Kada rubutun sunaye na takardun hukuma ya zama ma'auninka, bakinka ne ma'auni, yanka kalmar gaɓa gaɓa ka ji ko baƙin ya rufe gaɓar farko.

Mataki na biyar: wasalin ƙarshen kalma

Wannan shi ne mafi wuya, har ɗaliban sashen Hausa a jami'a suna shan wahalarsa, saboda a ƙarshen magana murya takan mutu ne kawai. Dabara biyu ce. Ta farko, gajeren wasali in ya zo ƙarshen zance yana yankewa ne kwatsam, maƙogwaro ya rufe, dogo kuma yana sulalewa. Faɗi "ya juya dama" ka sa hannu a maƙoshi, sannan "ya samu dama". Na hannu daama ne, yana katsewa, na zarafi daamaa ne. Dabara ta biyu ta fi tabbas, kada ka bar kalmar a ƙarshe, sa mata ne ko ce ko ma a baya ta dawo tsakiya, "daama ce" da "daamaa ce", nan take bambancin zai fito. Abu ɗaya, kada ka yi gwajin da sigar tambaya, don tambaya tana ja wa wasalin ƙarshe tsayi ko da gajere ne.

Yawancin sunayen abubuwa da dogon wasali suke ƙarewa, amma suna gajarcewa a wurare biyu da za ka iya ganewa. In kalma ta zama sunan mutum, baaƙoo ya zama Baaƙo, doogoo ya zama Doogo, saaboo ya zama Saabo. Tsakanin "baƙo ne" da "Baƙo ne" a tsakiyar jimla babban baƙi ne kaɗai zai cece ka. Sai in kalma ta koma nuna wuri ko lokaci, raanaa amma da raana, daree amma da dare, hannuu amma a hannu, idoo amma a ido.

Aikatau ma yana wannan wasan. "Ya kama" kaamaa ne, "ya kama shi" kaamaa ne, amma "ya kama ɓarawo" kaama ne gajere saboda suna ya biyo baya kai tsaye. Mai karanta labarai in ya ja wasalin a wurin da ba a ja, mai sauraro ba zai iya faɗin laifin ba amma zai ji Hausar ta yi wani bambaraƙwai.

Mataki na shida: ƙananan kalmomin nan, ya, ta, na, ba

A ganina nan ne ainihin inda tsayin wasali yake juya zance, ya fi gari da gaari yawan faruwa nesa ba kusa ba, don kusan kowace jimla tana da su. "Ya tafi" a rubuce abu ɗaya ne, a baki kuwa huɗu ne. Yaa tafi, murya sama, labari ne, an gama. "Shi ne ya tafi" ko "wanda ya tafi", ya gajere murya sama. "Ka ce masa ya tafi", ya gajere murya ƙasa, umurni ne. Sai yaa tafi da murya mai faɗowa, irin na "bar shi, ya tafi don kansa", wato nan gaba. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne ka mai da jimlar jam'i. In ta koma sun tafi, dogo ne. In ta koma suka tafi, gajere ne. In ta koma su tafi, gajeren umurni ne. In ta koma sa tafi, na gaba ne. Haka za ka yi wa ta da na da ka.

Ba ma haka. "Ba ta so ba" ba da ta gajeru ne duka, abin ya wuce. "Ba ta so" baa taa ne, dogaye, hali ne mai ci gaba. Shi ya sa mai rubutu in ya manta ba ɗin ƙarshe ya canja lokacin jimlar gaba ɗaya bai sani ba.

Sai nawa. Ka ga hoton atamfa a wasap wata mai sayarwa ta ɗora, wata ta rubuta mata a ƙasa "wannan nawa ne" ba alamar tambaya ba komai. Mai kaya ta ɗauka naawa ne, wato ta kama, ta cire ta ajiye mata gefe ta hana wasu, ita kuwa waccan nawa gajere take nufi, kuɗin take tambaya. Alamar tambaya guda ɗaya da ta raba gardamar.

Mu gwada da sanarwa guda

A ce an miƙo maka wannan a masallaci ko gidan rediyo: "An fasa taron da za a yi cikin gari saboda baƙi ba su zo ba. Wanda ya kawo gari ya koma da shi." Kafin ka buɗe baki ɗauki biro ka bi ta sau ɗaya.

Fara da neman kalmomi masu fuska biyu ka ja musu layi, fasa, gari, baƙi, ya, gari, ya. Fasa tukuna, taro ana iya fasa shi da duka ma'anonin biyu, 'yan sanda sukan fasa taro su tarwatsa shi, amma "da za a yi" ya nuna ba a fara ba, saboda haka faasa ne, kuma ƙarshensa gajere tun da suna ya biyo. Taron, taa dogo, ron gajere don n ta rufe gaɓar. Za a, zaa dogo a gajere. Cikin gari, garii. Baƙi, "ba su zo ba" jam'i ne na mutane, baaƙii. Ba su zo ba, yana da ba a ƙarshe, duka gajeru sai zoo. "Wanda ya kawo", mai da shi jam'i, waɗanda suka kawo, gajere ke nan. Garin da ake kawowa gaarii ne. "Ya koma" shi ne mai tarko, in ka karanta yaa koomaa ka ba da labarin cewa mutumin ya riga ya tafi da kayansa, in ka karanta ya gajere da murya ƙasa ka ba da umurni. Jam'in zai iya zama sun koma ko su koma, duka suna shiga, to a nan nahawu ba zai cece ka ba, sai ka tambayi wanda ya rubuto.

In kai ne mai rubutawar, gyara shi tun daga tushe. Don umurni ka sa "sai ya koma da shi" ko "ana roƙon ya koma da shi", don labari ka sa "ya riga ya koma da shi". Maimakon "an fasa" ka sa "an ɗage" ko "an soke" in akwai shakka. "An fasa motar" ka mai da shi "an fasa sayen motar" ko "an farfasa motar". Gari ka ƙara masa kalma ɗaya, garin masara. Kada ka ce za ka warware ta hanyar rubuta gaari a takardar da jama'a za su karanta, ko da yake an taɓa gwada hakan, bayan taron Bamako na 1966 an yi zamani a Nijar ana ninka dogon wasali a littattafan yaƙi da jahilci kafin daga baya a daidaita da tsarin da ba ya ninkawa. Ninka wasali ko ɗora masa ɗan layi a kai, kamar ā, aikin ƙamus ne da allon aji da takardar da kai kaɗai za ka riƙe a gaban makirfo.

In kalma ta gagare ka, ƙamus na nan. Na Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 da na Paul Newman na 2007 duk suna nuna tsayin wasali da karin sauti, sai dai kowanne da irin alamominsa, saboda haka karanta shafukan farko inda aka bayyana alamomin kafin ka nemi kalma, in ba haka ba za ka ɗauki alamar murya a matsayin ta tsayi. A kan wasalin ƙarshen kalma kuma na fi yarda da na baya bayan nan. In abin da ƙamus ya nuna ya saɓa da yadda ake faɗi a garinku, nemi dattawa biyu ko uku ka sa su faɗi kalmar cikin jimla da ne ko ce a bayanta, kada ka faɗa musu abin da kake nema don kada su ja ta da gangan.